Laraba: sibin Auta

Wuta ta zo da asuba ta tafi kafin a gama dama koko. Inna na ta faɗa da kajin maƙwabta. Ofis lafiya lau, ba abin faɗa.

Da la'asar Auta ya turo mini sibinsa, takardar da mai neman aiki ke jera karatunsa da ayyukansa, wai in duba kafin ya aika. Wata ƙungiya ce ke neman masu tattara bayanai a ƙauyuka, aikin wata shida, ranar Juma'a ake rufewa. Na buɗe a waya na ga shafi uku. Sunansa, ranar haihuwa, addini, ƙaramar hukuma, cewa bai yi aure ba, makarantar firamare, sai wasu layukan Turanci masu cewa shi mutum ne mai ƙwazo da iya zama da jama'a. Na san waɗannan layukan. Yaron shagon buga takardu ke canza suna ya bar sauran, kuma duk lokacin da aka sa ni tace takardun masu neman aiki a wurinmu sai na ci karo da su, har da kuskuren rubutun iri ɗaya. Ƙarƙashin `Work Experience` kuma ya rubuta `Nil`. Kalmar nan ce ta tsaya mini a rai har magariba.

Da ya shigo cin tuwo na tare shi. Na ce, "Auta, shekara biyar kana Danfodiyo, ka yi bautar ƙasa, a ce ba ka taɓa yin komai ba?" Ya ce, "Yaya, ai ba wanda ya taɓa ɗauka ta aiki." Na ce ina furojet ɗinka na albasa? Ya yi dariya, ya ce wannan ai dole aka sa shi, don maki ya yi.

To, ga abin da ya yi don maki. Ya rubuta takardar tambayoyi da kansa, ya mayar da ita Hausa, ya hau kabu-kabu zuwa ƙauyukan Wurno da Goronyo, ya zauna da manoma 120 yana tambayarsu buhu nawa suke zubawa a rudu, rumbun ajiyar albasa, da kaka, nawa ke fitowa lafiya idan farashi ya tashi. Ya shigar da amsoshin a Excel, ya tace su, ya yi lissafi da manhajar SPSS, ya tsaya gaban malamai ya kare abin da ya samu. Na ce ya karanta mini tallar aikin da ƙarfi. Suna son wanda ya iya hira da mutanen karkara da Hausa, ya iya cike tambayoyi a waya, ya san Excel, kuma ba ya tsoron tafiya. Ya kai ƙarshe ya yi shiru. Abin da suke nema ke nan ya riga ya yi, sai dai a takardarsa furojet ɗin ya samu layi ɗaya, shi ma take ne kawai.

Muka ɗauko kwamfutar muka goge kan maganar da ke cewa `Work Experience`, tun da gaskiya ba a ɗauke shi aiki ba, kuma ba na son ya yi ƙarya. Muka sa `Projects and Field Experience`. A ƙarƙashinsa furojet ya hau sama: take, jami'a, shekara, sai layi uku. Kowane layi ya fara da abin da hannunsa ya yi, ya faɗi yawan abin, ya faɗi kayan aikin. Na farko ya ce ya tsara tambayoyi ya yi hira da manoman albasa 120 a ƙananan hukumomi biyu. Na biyu ya ce ya shigar da bayanan ya tace su a Excel ya nazarce su da SPSS. Na uku ya faɗi abin da binciken ya gano a jimla ɗaya. Mai tace takardu ba ya karantawa a tsanake, idonsa gudu yake, lamba da sunan manhaja su ke tsayar da shi. "Na yi bincike a kan albasa" bai gaya masa komai ba.

Daga nan abubuwa suka yi ta fitowa kamar ana tonon gyaɗa. Shekarar aikin gona ta aji huɗu, inda shi ke riƙe da littafin abincin kaji da na rigakafinsu. Aikin wucin gadi da hukumar zaɓe a 2023, rumfa guda, ya tantance masu ƙuri'a da na'urar BVAS. Rigakafin shan inna da ya bi gida-gida yana rubuta yaran da aka ɗiga wa. Duk bai sa ba, wai ƙananan abubuwa ne. Na ce wanda aka damƙa wa rajistar rumfa ya mayar da ita daidai, shi ake so a ba wayar ofis ya shiga ƙauye.

Inda muka ɗan yi sa-in-sa shi ne aikin aji. Akwai wani binciken farashin hatsi da suka yi su bakwai, yana so ya rubuta cewa shi ya jagoranta. Na tambaye shi, kai ka jagoranta? Ya sosa ƙeya, ya ce shi dai ya haɗa jadawalin. Na ce to rubuta haka: cikin rukunin mutum bakwai, shi ya tattara farashi ya tsara jadawalin. Ranar intabiyu layin da aka kumbura shi ake fara tsokana, tambaya biyu sai mutum ya fara in-ina. Gwajin da na ba shi: duk layin da ba zai iya magana a kansa minti biyu ba, ya cire. A nan ne KoboCollect, manhajar cike tambayoyi a waya da ya sa a takardar, ta faɗi, domin suna kawai ya sani. Zai koya cikin kwanakin nan, kyauta ce, in ya iya ya mayar.

Addini, aure, firamare da abubuwan sha'awa duk muka sauke. Ƙaramar hukuma ma, sai in aikin gwamnati ne da ake tambaya saboda rabon gurabe. Hausa da Fulatancin da ya tsinta wurin dangin Inna muka ɗaga su sama, don a wannan aikin sun fi komai tsada. Adireshin imel ɗinsa mai laƙabin ƙwallo ma ya canza. Abin ya dawo shafi ɗaya, muka ajiye shi PDF da cikakken sunansa.

Sai Kawu ya shigo, ya leƙa ya ce, "Ku dai ku sha wahalarku. A garin nan wa ka sani ake tambaya." Auta ya dube ni. Ban ce Kawu ya yi ƙarya ba, don na ga irin haka da idona. Amma na kuma zauna a ɗakin da ake tace takardu ɗari-ɗari ba mai lambar kowa, kuma a can shafin nan kaɗai ke magana. Duk da haka maganar ta ɓata mini rai. Yaran da ke rubuta `Nil` ba ragwaye ba ne, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya tambaye su me suka yi. Wanda ba shi da yaya a ofis fa?

Saura masu tsaya masa. Ya sa sunan malamin da ya duba furojet ɗinsa ba tare da ya gaya masa ba, lambar ma tsohuwa ce. Gobe zai je har makaranta ya nemi izini, ya bar masa kwafi. Ya riga ya karɓi kuɗin mota a wurina, wai bashi.