Abin da shagon wanki da guga ya koya mini game da ware kaya

A shagon wanki da guga da na yi aiki a Kano, maigidanmu ba ya barin sabon yaro ya taɓa ruwa sai ya iya ware kaya. Yakan ce, "Kai yaro, idan launi ya riga ya hau farar shadda, ba sabulun da zai cece ka." Na daɗe ina ganin gaskiyar maganarsa.

A ce an kawo ƙunshin gida guda: farar babbar riga ta shadda mai aikin zare ruwan ƙasa, sabuwar jar atamfa, mayafi, wandon jins, kayan makarantar yara, da tsummokin kicin da suka sha manja. Mai gaggawa zai raba su biyu, fari da mai launi, ya ce ya gama. Ai bai ma fara ba.

Babbar rigar nan ita ce abin tsoro, domin fara ce amma tana ɗauke da launi a wuyanta. Kafin a jiƙa ta sai an gwada zaren. A sami farin ƙyalle, a jiƙa shi da ruwan sabulu, a danna a bayan aikin, ta ciki inda ido ba ya kaiwa, a ɗan jira. In ƙyallen ya ɗauko launi ko kaɗan ne, zaren yana zuba. To ita kaɗai za a wanke, da ruwan sanyi, a ɗauraye nan take a shanya. Ba a barin ta kwana a jiƙe, ba a kuma sa mata bilic, don zai cinye launin zaren ya bar shi dabbare-dabbare. Haka ake gwada atamfar a bakin kalmasa, da duk wani rinin baba irin na Ƙofar Mata. Ruwan zafi da doguwar jiƙa su ne ke saki da rini, kuma gishirin da mutane ke zubawa ban ga ya hana zuba ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yawancin ɓarnar ba a cikin ruwa take faruwa ba. An wanke komai daban-daban, sai a matse a jibge jar atamfa a kan farar riga cikin baho ɗaya kafin a kai igiya. Kafin a ankara ja ya zauna daidai inda suka haɗu.

Mayafi da leshi ba sa shiga tare da jins, domin zif da maɓallin ƙarfe suna jan zare. Datti kuma shi ke tsara jeri: a fara da farare masu ƙarancin dauɗa, kayan makaranta su biyo baya. Ruwan farare yana iya wanke masu duhu, amma na masu duhu ba ya komawa kan fari. Tsummokin manja su ne na ƙarshe, a ruwan ɗumi da bahonsu na daban, saboda maiƙon da ya tashi saman ruwa yakan manne wa duk tufar da aka tsoma bayansu.