Leƙa cikin buhun kafin ka zazzage shi

Ranar Asabar na tarar da ɗan ƙanwata a gaban kwamfuta, ya shiga foldar da aikinsa na kammala karatu yake, ya rubuta `sudo tar -xf ajiya.tar.gz`, umarnin da ke zazzage fayilolin da aka ɗaure cikin ajiya, yatsa na kan maɓalli. Na ce masa, "Kai, me ke cikin fayil ɗin?" Ya ce, "Kawu, ai idan ya buɗe za mu gani." Na riƙe masa hannu, don da irin wannan amsar na taɓa cinye wa mutane aikin wata biyu.

Lokacin ina kula da kwamfutar wani shagon buga takardu. Mai shago ya nemi rasit guda ɗaya na watan jiya da aka goge. Ina da tsohuwar ajiya, sai na kwaso ta na zazzage a cikin foldar da ake aiki kullum. Ni na ɗaure ajiyar da hannuna, ina tsaye cikin foldar na rubuta `tar -czf ajiya.tar.gz *`, saboda haka babu wata folda a sama da ta tattara kayan. Suna fitowa kowane fayil ya faɗa kan mai sunansa. Shi kuwa `tar` ba ya tambaya, ba ya sallama: ya tarar da fayil mai suna ɗaya, ya kawar da shi ya ajiye nasa. Littafin bashin shagon ya koma yadda yake wata biyu baya.

Abin da ya fi ci min rai, ban gane ba sai washegari. Na duba da `ls -lt` ban ga komai sabo a sama ba, na kama gabana. Ashe `tar` yana mayar wa fayil tsohon kwanan watansa, ɓarnar ba ta fitowa a wannan jerin. Da na san `find . -cmin -10`, da nan take na ga duk abin da aka taɓa cikin minti goma.

Amma a yi min adalci. Faifan ya kusa cika, mai shago yana tsaye a kaina, wuta kuma ko yaushe za a iya ɗaukewa. Wanda ya koya min aikin ma haka yake yi. Sai dai gaskiya ɗaya ce, rasit ɗaya ake nema, kuma `tar` yana iya ciro fayil ɗaya tak idan ka rubuta sunansa a ƙarshen umarnin. Ƙiwa ce ta hana ni. Ko kuma gaggawa, har yau ban yanke ba.

Na zauna da niyyar jero muku dokoki goma, na ga ba za ku karanta ba. Ku da kuke kwafo umarni daga waya ku manna, ku ƙara `sudo` a gaba kamar bisimilla! Da `sudo` ai `tar` yana dawo da masu fayil da izininsu yadda suke a ajiyar, kuma babu inda ba zai iya rubutu ba. Ga abin da na sa yaron ya yi:

```
tar -tf ajiya.tar.gz | less
mkdir /tmp/gwaji
tar -xf ajiya.tar.gz -C /tmp/gwaji
```

Layin farko jerin sunaye kawai yake nunawa, ba ya rubuta komai a faifai. Idan duk sunayen sun fara da folda ɗaya, da sauƙi. Idan a warwatse suke, ko ka ga `..` a cikin suna, ka yi hattara. `-C` kuma ba ya ƙirƙirar folda, dole ka yi ta tukuna, kuma ta zama babu komai a ciki. Daga nan ka kwafi abin da kake so da hannunka. Ko fayil ɗin `.tar.xz` ne umarnin bai canza ba, `tar` na GNU yana gane irin matsewar da kansa wajen buɗewa. Kada ma ku dame ni da gardamar `gzip` ko `xz`. Na biyun ya fi matsewa, ya fi jan lokaci da cin ƙwaƙwalwa, amma ba nan tawa asarar ta fito ba.

Akwai `-k`, wanda ke hana shi taka fayil ɗin da ya tarar. Ku riƙa sa shi kullum. Ko da yake ni kaina ba na sawa, don yana barin ka da folda rabi tsoho rabi sabo, ka rasa wanne ne wanne. Folda fanko ta fi min kwanciyar hankali.

Da yaron ya duba jerin, sai ga `babi3.docx` na watan jiya zaune a ciki, suna ɗaya da wanda ya kwana yana gyarawa. Ya yi shiru, ya sosa ƙeya, sannan ya ce, "Kawu, wannan `less` ɗin, yaya ake fita daga cikinsa?" Na ce ya danna `q`.