Zurfin Ruwa Shi Ke Zaɓar Waya da Bawul: Abin da Aikin Saka Sumo Ya Koya Mini

A cikin famfunan rijiyar burtsatse da na ciro a ƙone, kaɗan ne zan ce laifin kamfanin da ya ƙera su ne. Yawanci abin da ya kashe su tun ranar da aka zura su aka shuka shi. Shi ya sa ban yarda a kwance kwalin sumo, wato famfon da ake zurawa cikin ruwan rijiya, ba sai an ba ni lambobi huɗu: zurfin rijiya, inda ruwa yake tsayawa idan ba a ja, inda yake sauka bayan an daɗe ana ja, da lita nawa rijiyar ke bayarwa a awa ba tare da ruwan ya ci gaba da sauka ba. Wurin bawul, kaurin waya da kariyar bushewa duk daga nan suke fitowa.

Ga wata rijiya da muka yi aiki a kanta. Zurfinta mita 90, ruwa na tsayawa a mita 18, idan ana jan lita 2,500 a awa sai ya sauka ya tsaya a mita 52. Bututun mai ramuka da ruwa ke shigowa ta cikinsa ya fara daga mita 72. Muka rataye famfo mai kilowat 1.5 a mita 65, wato ƙasa da inda ruwa ke sauka, amma sama da ramukan. Dalili shi ne moto yana ƙasan famfo, kuma ruwan da ke tasowa yana shafar jikinsa shi ne ke sanyaya shi. Idan aka kai shi ƙasa da ramukan, ruwa zai zo masa ta sama ya shige famfo, moto ya zauna cikin ruwan da ba ya motsi yana ɗaukar zafi, sai dai a sa masa riga ta bututu da za ta tilasta ruwan ya bi ta jikinsa.

Batun bawul mai hana ruwa komawa shi ya fi ɗaukar ni lokaci kafin na gane shi sosai. Mutane da yawa suna son sa shi a bakin rijiya, tunda nan ne hannu ke kaiwa. Amma dubi abin da ke faruwa idan na saman yana riƙewa, na jikin famfo kuma yana yoyo. Ruwan cikin bututu zai so ya zube, na saman ya hana iska shiga, kamar yadda ake toshe bakin tiyo da yatsa ruwa ya maƙale a ciki. Sai dai nauyin iskar duniya ba ya iya riƙe ruwa sama da wajen mita 10. A rijiyarmu ruwa na tsayawa a mita 18, ke nan wajen mita 8 na saman bututu za su zama fanko. Da famfo ya tashi, ruwa ya taho a guje ba abin da ke tare shi, sai ya daki rufaffen bawul da ruwan da ke bayansa. Za ka ji "gum" a bututu duk lokacin tashi, allurar ma'aunin matsi ta zabura. A hankali mahaɗai su fara tsiyaya, wani lokaci bututu ya tsage.

Idan kuma babu bawul mai riƙewa ko ɗaya, ruwa na komawa ta cikin famfo yana juya shi baya. Wuta ta dawo a wannan lokacin, sandar da ke haɗa moto da famfo tana iya karyewa. Don haka bawul na farko yana jikin famfo ko kusa da shi, bai wuce mita 7.5 ba, kuma ƙarƙashin inda ruwa ke sauka. Mu mun ƙara guda a mita 59. A rijiya mai zurfi sosai ana ƙarawa kusan duk mita 60, gwargwadon abin da masu ƙerawa suka rubuta. Mai sifirin ake so, domin yana rufewa kafin ruwa ya juyo. Mai murfi da ke lilo ba na wannan aikin ba ne.

Waya kuwa lissafi ne, ba ido ba. Tsawon da ake ƙirgawa daga tushen wuta ne har moto, ba na cikin rijiya kaɗai ba. Namu mita 65 ne a ciki, 55 a waje, jimla 120. Moton na layi ɗaya ne, bolt 230, yana jan amfiya wajen 11.

```
ΔV = 2 × L × I × 0.0175 / A
```

ΔV shi ne bolt ɗin da ke ɓacewa a hanya, L tsawo ne a mita, I amfiya, A kaurin jan ƙarfen waya a mm², 0.0175 kuma turjiyar jan ƙarfe ce. Da waya 2.5, bolt 18.5 ne ke ɓacewa a hanya, kashi 8 cikin ɗari. Da waya 4, bolt 11.6, daidai kan iyakar kashi 5 da aka saba bi. Da waya 6, bolt 7.7. Mai aikin ya ce mini, "Malam, ai 2.5 tana ɗaukar amfiya 11 ba ta ko yi ɗumi ba." Gaskiyarsa, amma ba zafin waya ne damuwar ba. Lokacin tashi moto na jan ninki huɗu ko biyar na abin da ya saba. Amfiya 50 a kan waya 2.5 mai wannan tsawon za ta cinye bolt 84. Moto ya tsaya yana gurnani, koyil na dahuwa. Na zaɓi 6, domin jan ƙarfe na ƙara turjiya idan ya yi zafi, wutar da ke shigowa kuma ba kullum take cika 230 ba. Mahaɗar waya da ke cikin ruwa a rufe ta da guduro ko robar da ke tsukewa da zafi, a ɗaure waya a jikin bututu duk mita 3, a kuma auna rufinta da mega, na'urar gwada ko wuta na yoyo, kafin zurawa da bayanta. Sabon moto a cikin rijiya bai kamata ya nuna ƙasa da megom 2 ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne jin an ce "akwai obalod, akwai fulot a tanki, an kare famfo." Fulot tanki yake gadi, bai san halin da rijiya ke ciki ba. Obalod kuma yana yankewa ne idan amfiya ta hau, alhali famfon da ya rasa ruwa nauyi ne ya sauka daga kansa, amfiyarsa faɗuwa take yi. Zai ci gaba da juyawa, fankokin roba su narke, tunda ruwa ne man shafawarsu. Alamar farko ita ce ruwa na fita da tofi da iska, allurar amfiya na rawa.

A wannan rijiyar mun sa sandunan jin ruwa: na kashewa a mita 62, na tayarwa a mita 35, don rijiya ta samu ta farfaɗo kafin a sake ja. Inda ba a son ƙarin waya, akwai na'urar da ke yankewa idan amfiya ta sauka; a saita ta wajen kashi 70 zuwa 80 na amfiyar da aka auna famfo na aiki da ruwa, ba ta jikin lamba ba, a kuma ba ta lokacin jira kafin ta sake tayarwa. Idan kariyar na yankewa sau da yawa a rana, famfo ya fi ƙarfin rijiya ne, kuma yawan tashi ma yana cin moto. Sai a ɗan matse bawul ɗin fita a bakin rijiya har abin da ke fita ya dawo lita 2,500, a zura ma'aunin ruwa a ga ya tsaya a mita 52, sannan a rubuta amfiyar wannan lokacin a cikin murfin akwatin wuta.