Sanda ɗaya da ta sauya mini jadawali

Ƙannena masu fara rubuta shafin bayanin manhaja, zan ba ku labarin wata kunya da na sha, don kada ku sha irinta. A wurin da nake aiki muna da wata 'yar manhaja da ke fitar da rahoton ciniki. Wata rana babban yayanmu a ofis ya turo mini sikirinshot na jadawalin zaɓuɓɓukanta ta WhatsApp, ya ce, "Ƙanena, mayar da wannan Markdown ka saka a shafin bayani kafin la'asar." Na ce an gama, yaya. Minti ashirin na kwafe, na duba yadda ya fito a GitHub, na ga layuka sun miƙe tsaf, na tura. Ashe na shuka ƙarya a ciki ban sani ba.

Jadawalin yana da layukan tsaye huɗu: sunan zaɓi, abin da yake karɓa, abin da manhajar ke ɗauka idan ba ka faɗa mata komai ba, sai ƙarin bayani. Ga yadda na rubuta kansa da layin da ya jawo fitinar:

```
| Option | Values | Default | Notes |
| --- | --- | --- | --- |
| `--format` | json|csv | json | UTF-8 |
```

Ku ƙirga sandunan. A hoton, `json|csv` abu ɗaya ne a gurbi ɗaya, ma'anarsa ko wannan ko wancan. Amma a jadawalin Markdown duk sandar da ta tsaya katanga ce tsakanin gurbi da gurbi. Don haka layin nan ya zama mai gurbi biyar alhali kan jadawalin huɗu gare shi. `csv` ya zame ya faɗa ƙarƙashin `Default`, `json` na biyu ya koma ƙarƙashin `Notes`, shi kuwa `UTF-8` aka jefar da shi gaba ɗaya. Haka ƙa'idar Markdown ta GitHub take: layin da gurabensa suka yi yawa, a yi watsi da rarar, wanda suka kasa, a cike masa da fanko. Ba gargaɗi, ba jan rubutu. Shafin ya fito fes yana gaya wa jama'a cewa manhajar `csv` take fitarwa da kanta, alhali `json` ne.

Sai bayan kusan mako biyu wata abokiyar aikinmu ta zo tana ƙorafin ta bi shafin, ta buɗe fayil a Excel, ta ga tarkacen baka da ƙugiyoyi. Da na gano daga ina abin ya fito, gumi ne ya karyo mini.

Maganin ɗan ƙarami ne, a sa karkatacciyar sanda a gaban ta tsayen:

```
| `--format` | `json\|csv` | json | UTF-8 |
```

Abin da ya daɗa ruɗa ni a gyaran farko shi ne na zaci idan na kulle kalmar cikin alamar lambar kwamfuta, wato ɗigon nan mai karkata guda biyu, sandar za ta tsira. Ba ta tsira. GitHub yana fara yanka layi gurbi-gurbi kafin ya duba abin da ke cikin kowane gurbi, saboda haka ko a ciki sai an sa `\|`. Amma alamar tana da nata amfanin, kuma yanzu ba na rubuta sunan zaɓi ko fayil ba tare da ita ba. Idan babu ita, `__init__` zai rasa sandunansa na ƙasa ya koma baƙin rubutu mai kauri, `<file>` kuma zai ɓace ɗungurungum don an ɗauke shi a matsayin HTML.

Kuskuren da ke ihu ya fi mini sauƙi. Idan layin `---` bai yi daidai da kan jadawalin a yawan gurabe ba, jadawalin ba zai haɗu ba sam, sai ka ga sanduna zube a shafi, ka gyara nan take. Haka ma idan inda za a saka shafin bai san jadawali ba, domin Markdown ɗin da John Gruber ya fitar a 2004 ba shi da jadawali, daga baya ne irin su GitHub suka ƙara. Don haka ku gwada a ainihin inda shafin zai zauna, kada ku tsaya ga abin da editarku ta nuna.

Da na zauna bin jadawalin daga farko, sai na tarar sandar ba ita kaɗai ba ce. A hoton akwai wani gurbi dogo da ya haɗe layuka uku, an rubuta bayani ɗaya a tsakiyarsa wanda ya shafi zaɓuɓɓuka ukun duka. Ni kuwa na ajiye bayanin a layin tsakiya, inda idona ya gan shi, na bar na sama da na ƙasa fanko. Mai karatu zai ɗauka sharaɗin na zaɓi ɗaya ne kawai. Jadawalin Markdown na GitHub ba ya iya haɗe gurabe, ko a kwance ko a tsaye. Abin da nake yi yanzu shi ne in maimaita bayanin a kowane layi, ko da ya yi kama da surutu. Idan haɗe-haɗen ya yi yawa, musamman kai mai hawa biyu, na fi son in raba shi jadawali biyu kowanne da takensa. Akwai masu komawa `<table>` na HTML da `rowspan`, yana aiki, sai dai wanda zai zo gyara bayanka zai yi ta tsaki.

Sannan shi kansa hoton. WhatsApp yana matse hoto idan ba a matsayin fayil aka turo shi ba, ƙananan haruffa su dushe. Akwai gajeren zaɓi da na karanta `-1`, ashe `-l` ne. Da na bi ta manhajar karanta rubutu daga hoto irin Tesseract ma ba lallai in tsira ba, don irin wannan rikicin na `1` da `l`, ko `0` da `O`, sananne ne a wajenta, har layin zanen jadawali takan karanta a matsayin sanda. Mafi muni, hoton ya yanke daga ƙasa. Layuka 14 na kwafe, manhajar kuwa zaɓuɓɓuka 17 gare ta. Wanda ya ɗauki hoton bai gangara ƙasa ba, ni kuma ban lura layin ƙarshe ba shi da zanen rufewa ba.

Da na tambayi yaya tun farko daga ina hoton ya fito, da duk wannan bai faru ba. Na ji nauyin tambaya, kada a ce yaron nan ƙaramin aiki ya gagare shi. Alhali `--help` kawai zan buga manhajar ta zayyano mini komai a rubuce, in kwafa harafi da harafi.

Yau idan hoto kaɗai na samu, kafin in taɓa madannai nakan ƙirga layukan kwance da na tsaye in rubuta a takarda. Idan na gama, kowane layi na jadawali mai gurbi huɗu dole in ga sanduna biyar marasa karkatacciya a gabansu. Daga nan in ajiye hoton a hagu, shafin da ya fito a dama, in bi su daga sama zuwa ƙasa, layin tsaye ɗaya bayan ɗaya. A kwance ido yakan wuce da sauri don ya riga ya san abin da zai gani, amma a tsaye, `csv` da ya ɓata hanya zai fito fili a cikin 'yan'uwansa. Duk gurbin da ban iya karantawa ba ba na cike shi da zato, nakan zagaye shi da ja a hoton in mayar wa wanda ya turo, in ce, "Yaya, wannan ɗaya ne ko harafi?"