Ikweshan mai rabuwa: wace amsa ce tamu cikin uku?

Ina yi wa ɗaliban jami'ar KNUST da ke Kumasi 'yan unguwarmu ta Aboabo bitar lissafi, kuma wannan tambayar nake fara ɗora musu a allo:

dy/dx = 2x / (3y² − 3), tare da sharaɗin farko y(0) = 0.

Na fara da raba su, y da dy a hagu, x da dx a dama: (3y² − 3) dy = 2x dx. Na yi intigireshan a ɓangarorin biyu, sai ya ba ni y³ − 3y = x² + C. C ɗaya ta isa, don ta hagu da ta dama sun haɗe. Amma a wannan layin ake rubuta ta. Wanda ya bari sai ƙarshe ya liƙa ta, amsarsa kan lalace.

A nan nake tsayawa, ba na ware y ita kaɗai. Akwai dabarar warware y³, amma doguwa ce, kuma ba ta ƙara mana komai a nan. Na bar amsar a dunƙule, na sa x = 0 da y = 0, C ta fito sifili: y³ − 3y = x². Don tabbatarwa na yi difarenshiyeshan, na samu (3y² − 3) dy/dx = 2x, wato inda muka taso.

Yawanci a nan ake ajiye biro, alhali da sauran aiki. Na ce su sa x = 1. Ikweshan ya zama y³ − 3y − 1 = 0, kalkuleta ta ba da amsa uku: kusan 1.879, −0.347 da −1.532. Duka ukun sun cika ikweshan, amma ɗaya ce tamu. Mun taso daga y = 0, inda 3y² − 3 yake −3, don haka da x ta wuce sifili, dy/dx na ƙasa da sifili, y tana sauka sannu a hankali. Ba za ta yi tsalle zuwa 1.879 ba, kuma kafin ta kai −1.532 dole ta ratsa −1. Tamu ita ce −0.347.

A −1 ɗin nan iyakar take. Idan y = −1, abin da ke ƙasan rabawar ya zama sifili, layin ya miƙe tsaye, dy/dx ba ta da ƙima. Na sa y = −1 a amsarmu: −1 + 3 = 2, wato x² = 2. Ke nan amsar tana aiki ne kawai a −√2 < x < √2, kusan 1.414 kowane gefe. A x = 2 kalkuleta za ta ba da y kusan 2.196, amma wannan na wani reshe ne da bai bi ta (0, 0) ba.

Da sharaɗin y(0) = 2 ne, C za ta zama 2, y ta yi ta hawa daga 2 ba ta taɓa 1 ba, inda nan ma abin da ke ƙasan rabawar ke zama sifili, amsar kuma ta yi aiki ga kowace x.