Atamfa biyu, kuɗi ɗaya

Yayata tana sayar da atamfa da leshi a Kano, kuma yawancin cinikinta ta waya ne: mai saye ya zaɓi kaya, ya turo kuɗi ta asusun waya, ya aiko da hoton risit. Da yamma, idan natwok ya yi nauyi, kuɗin sai ya tsaya a `pending`, bai shigo ba, bai koma ba. Kullum bayan isha'i sai ta zauna da littafin oda tana bin alat ɗaya bayan ɗaya. Na gaji da ganinta a haka, na rubuta mata 'yar manhaja da Python, na mayar da odojin cikin ma'ajiyar bayanai ta SQLite, na sa manhajar ta riƙa tashi ƙarfe biyun dare a agogon kwamfutar:

```
0 2 * * * python3 /home/shago/tantance.py
```

Manhajar tana ɗauko jerin kuɗin da suka shigo daga kamfanin asusun, ta duba duk odar da ke jiran biya, ta haɗa kowace da kuɗinta. Da farko adadi kawai nake dubawa: in an ga naira 18,500 a oda, an ga 18,500 a asusu, shi ke nan an biya.

Ba a yi sati biyu ba hakan ya ja mana asara. Mata biyu suka sayi atamfa iri ɗaya a rana ɗaya, kowace 18,500. Kuɗin ta farko ya shigo, na ta biyu ya kwana a `pending`, kafin safiya ya zama `failed` ya koma mata. Manhajar ta ga 18,500 guda ɗaya ta rufe oda biyu da shi, domin ban taɓa gaya mata cewa kuɗin da aka yi amfani da shi ya ƙare ba. Kafin azahar atamfar ta biyu tana motar Zariya.

Yaya ta kira ni. “Auta, wannan abin naka lissafi yake yi ko kyauta?”

Gyaran layi ɗaya ne. Kowace tiransfa tana da lambarta da ba ta maimaituwa, sai na riƙa ajiye lambar a jikin odar da ta biya, na kuma hana ta bayyana sau biyu:

```
CREATE UNIQUE INDEX biya_sau_daya ON oda(lambar_tiransfa);
```

Daga nan na daina yarda da adadi shi kaɗai. Yanzu kowace oda tana da 'yar lamba, kamar `A214`, ana roƙon mai saye ya rubuta ta a wurin bayanin tiransfa. In lambar da adadin sun dace, kuma matsayin kuɗin `successful` ne, manhajar ta rufe odar. In ba a rubuta lambar ba, wanda shi ya fi yawa, sai ta duba lambar wayar mai turowa, bayan ta daidaita masu farawa da `0` da masu farawa da `+234`. Nan ma ba ta rufewa sai in oda ɗaya tak ce ta dace. Duk abin da ya saura na Yaya ne, ita za ta yanke.

Abin da ya fi cika wannan jerin shi ne masu biya ta hannun mai POS. Sunan da ke zuwa nasa ne, kuma wani lokaci ya cire ladansa daga cikin kuɗin, oda ta 18,500 ta iso 18,300. Na so in sa manhajar ta riƙa yafe naira 200, Yaya ta ƙi. Ta ce akwai tsohuwar kwastoma da za ta yafe wa, akwai wadda za ta tambaya ciko, kuma na'ura ba ta san su ba. Gaskiyarta. Yanzu manhajar rubutawa kawai take yi: “A231: saura naira 200, mai yiwuwa ladan POS.” Kuɗin da ya tsaya a `pending` kuwa ana sake tambayar matsayinsa kowane dare, in ya kwana uku a haka sai ya hau saman rahoto.

Akwai kuma ɗan tuntuɓen agogo. Kwamfutar da na yi haya tana bin agogon duniya na `UTC`, mu kuma muna gabanta da awa ɗaya, don haka kuɗin da ya shigo sha biyu da rabi na dare a Kano yana faɗawa lissafin jiya. Na daina neman kuɗin “yau”, ina waiwayar kwana uku baya, tunda lambar tiransfa ta riga ta hana ƙirga abu sau biyu.

Kuskuren da ya fi ba ni kunya shi ne na shiru. Na tsara a aika wa Yaya saƙo ne kawai idan an sami saɓani. Mabuɗin shiga asusun ya daina aiki, manhajar ta yi dare huɗu tana mutuwa tun a layin farko, mu kuma muna murnar babu matsala. Sai da wata kwastoma ta kira tana faɗa, ta biya tun Litinin ba a aika mata kaya ba. Tun ranar saƙo yana fita kowane dare ko da komai ya daidaita: oda nawa aka duba, nawa aka rufe, nawa ke jira. In Yaya ta idar da sallar asuba ba ta gan shi ba, wayata ce ke fara ƙara.