Kafin ka tura wa babba imel ɗin neman alfarma, ka bar masa ƙofar cewa a'a

Wani ƙanina da muke aiki tare ne ya miƙo min wayarsa ya ce, "Yaya, don Allah duba min wannan kafin in tura." Imel ne ya rubuta wa wata babbar Dakta da ta taɓa koyar da shi, so yake ta duba masa taƙaitaccen bayanin bincikensa, shafi ɗaya tal, kafin ya miƙa wa masu shirya wani taro. Ina ta jan allon wayar sama, gaisuwa, godiya, tarihin yadda ya sha wahala a makaranta, sai can ƙasa na ga abin da yake so, shi ma a dunƙule: "duk taimakon da za ki iya yi min." Ya kuma rufe da cewa ba shi da kowa sai Allah sai ita. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don kusan kalma da kalma na taɓa rubuta irin wannan.

Nawa ga wani babban ma'aikaci ne da na yi aiki a ƙarƙashinsa ina sabon shiga. Abin da nake buƙata bai taka kara ya karya ba, so nake ya haɗa ni da wani abokin aikinsa da ke da bayanan da nake nema, layi biyu zai rubuta shi ke nan. Amma sai na zauna na zuba masa wasiƙa guda. A wurin Subject na sa "Gaisuwa da neman taimako", wanda bai gaya masa komai ba. Na fara da tambayar iyali da aiki da gajiya, na bi da yabon irin alherin da ya yi wa mutane, na ba shi labarin aikin tun daga tushe, na liƙa takardu har da waɗanda ba su shafe shi ba don ya ga da gaske nake. Ban faɗi sunan wanda nake so ya haɗa ni da shi ba sai wajen ƙarshe, ban faɗi ranar da nake buƙata ba, sai dai na ce "da gaggawa". Sannan na rubuta cewa na san ba zai ba ni kunya ba.

A lokacin ni dai ladabi na ɗauka ina yi, kuma har yau ban yarda cewa niyyata ta ɓaci ba. Ta yaya yaro zai faɗo wa babba da buƙata haka gatsal kamar wanda yake binsa bashi? Babu wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce ga yadda ake yi, kowa kwaikwayon abin da ya gani yake. Kuma shi ma ai zai iya rubuto min "ba zan iya ba", me zai ci masa? Haka na riƙa faɗa wa kaina. Shiru ya yi, ni kuma na sake turawa, na sake, na ƙarshen ma na sa shugaban sashenmu a CC wai don a ga ina bibiyar aiki. Wannan kam ba ni da hujjar kare kaina, matsa masa na yi a gaban mutane, kuma na san hakan nake yi ko da ban yarda ba a raina.

Daga nan mutumin da da in mun haɗu yake tsayawa mu gaisa sosai sai ya koma ɗaga min hannu daga nesa. Bayan an ɗau lokaci wani aiki ya sake haɗa mu, shi da kansa ya ɗauko zancen. Ya ce ya buɗe saƙon a waya tsakanin mitin da mitin, ya ga tsawonsa ya ce sai ya zauna, zaman da bai samu ba ke nan. Da ya karanta kuma ya gane abin da nake so, ashe shi da wancan abokin aikin sun ɗan samu saɓani a lokacin, ba zai iya roƙonsa komai ba, kuma ba maganar da zai yi wa ƙaramin ma'aikaci bayani ba ce. "Da ka bar min hanyar cewa a'a," in ji shi, "da a ranar na ce ka nemi wance, ita ma tana da bayanan." Yadda na rubuta, in ya ce a'a ya zama wanda ya ba ni kunya, in ya ce to ya shiga abin da ba ya so, sai ya zaɓi shiru. Shirun nan kuwa ni ya fi cuta, don ina zaune ina jira har lokacin ya wuce.

To shi ya sa na karɓi wayar ƙanin nawa muka goge kusan komai. Ga abin da ya rage.

A Subject: Neman alfarma: duba shafi 1 kafin Alhamis

"Assalamu alaikum Dakta, da fatan kina lafiya. Ni ne wane, ɗalibinki a ajin hanyoyin bincike, kin duba aikina na ƙarshe. Ina neman alfarma ƙarama: ko za ki iya karanta taƙaitaccen bayanin bincikena, kalma 250 ne, ki gaya min ko tambayar binciken ta fito fili? Ba gyaran rubutu nake nema ba, layi ɗaya ko biyu ya wadatar. Zan miƙa shi ranar Juma'a, don haka in amsa ta zo zuwa Alhamis zan samu damar gyarawa. Na kwafe shi a ƙasan wannan saƙo. Na san ayyuka sun yi miki yawa, in babu hali a wannan makon ba komai wallahi, ki rubuto 'ba wannan karon ba' kawai, ba sai kin yi bayani ba. In ban ji daga gare ki ba zuwa Alhamis zan miƙa shi a yadda yake. Na gode ƙwarai."

Ku lura da Subject ɗin. A waya farkon layin kawai ake gani, sauran ya yanke, saboda haka girman aikin da ranar su zo da wuri. Wanda ya ga "shafi 1" ya san abin minti biyar ne, zai iya buɗewa yana jiran a fara mitin. Wanda ya ga "Gaisuwa" ko "Neman taimako" bai san ko kuɗi za a roƙa ko aiki ko wasiƙar shaida ba, sai ya ajiye sai an jima, an jiman da ba ta zuwa. Kuma ku tuna masa ko ku wane ne a layi ɗaya, mutumin da ɗalibai ko ma'aikata da yawa suka bi ta hannunsa ba lallai ya tuna sunanka ba, ba wulaƙanci ba ne.

Buƙatar kuma ta zama guda ɗaya, wadda za a iya amsawa da e ko a'a. "Ki duba min" ba buƙata ba ce, domin bai nuna ko nahawu za ta gyara ko hujja ko tsarin gaba ɗaya ba, sai ta ɗauka mafi nauyin kake nufi ta ji ba ta da lokacinsa. Da muka ce tambayar binciken kawai za ta duba mun rage mata aikin, ta san inda za ta fara da inda za ta tsaya. Abin da bai wuce shafi ba a kwafe shi cikin saƙon, kar a sa ta sauke fayil a waya. In dole sai an liƙa, PDF ɗaya mai suna da ake ganewa, ba hotunan takarda guda takwas a karkace ba, wanda na ga yaran yanzu sun ƙware a kai.

Ƙanin nawa ya fi yin gardama a kan layin ƙin. Ya ce, "Yaya ai in na ce ba komai in ta ƙi, na koya mata ta ƙi ke nan." Na ce wadda ba za ta yi ba, ba za ta yi ba ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba, bambancin kawai ko za ka sani ranar Litinin ka nemi wani, ko ka zauna kana leƙa waya har Juma'a. Kuma wanda bai ji an ɗaure shi ba ya fi sakin jiki ya ce ba zan iya ba amma ga wane. Sai dai layin ya zama na gaske. "In ba za ki iya ba ba komai, amma ke kaɗai na dogara da ita" ba ƙofa ba ce, ka buɗe da hannun dama ka rufe da na hagu. Ka ba ta kalmomin da za ta ƙi da su, ka ɗauke mata nauyin kawo dalili, ka kuma faɗi abin da za ka yi in ta yi shiru, yadda shirun ma ba zai zame mata laifi ba.

Na ce a rage gaisuwa, to kar wani ya je ya rubuta wa sa'ar mahaifiyarsa "slm ina son ki duba min wannan" ya ce ni na koya masa. Abin nan na ba ni haushi, yaran yanzu ko dai su zubo shafi uku ko su turo rabin layi ba sallama ba suna, wani ma ya bi imel ɗin da kira bayan minti goma yana tambaya ko an gani. Sallama, girmamawa da muƙamin da aka san mutum da shi, layi ɗaya na fatan alheri, ya isa. Ko da yake in babban naka mai son doguwar gaisuwa ne kuma ka san shi da haka, to ƙara masa, kai ka san mutuminka, amma dai buƙatar ta fito a sakin layi na farko.

Maganar tuni kuma, sau ɗaya. A nan da muka riga muka ce za mu miƙa in ba mu ji komai ba, ko tunin ma ba dole ba ne. In abin ba shi da rana tsayayya, ka bari kamar mako ya wuce, ka danna Reply a kan saƙonka na farko don ya gan shi a ƙasa ba sai ya nema ba, ka rubuta: "Ranka ya daɗe, ina ɗan tuni ne kan saƙon da ke ƙasa ko ya shige cikin sauran. In babu hali ba komai." Kar ka sa kowa a CC. In ya sake yin shiru ka ɗauka amsa ce ka nemi wani, in kun haɗu ka gaishe shi yadda ka saba ba tare da ka tayar da zancen ba. In kuma ya rubuto a'a, ka mayar da godiya a ranar, layi ɗaya, ban da "ko zuwa mako mai zuwa fa?" Ni wannan ne ya fi min wuya har yanzu, hannuna yakan yi ƙaiƙayin sake roƙo, sai in rubuta godiyar in tura in ajiye wayar.